Ƙimar p a takardar bincike: abin da take nufi da abin da ba ta nufi

Idan kana shekarar farko a karatun lafiya a Jami'ar Bayero, ko kana jinyar ɗan'uwa a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata ka karanta rahoton wani magani, za ka ga an rubuta p < 0.05 ko p = 0.30. Wannan ita ce ƙimar p, kuma mutane da yawa suna yi mata gurguwar fahimta.

Mene ne ƙimar p?

Lamba ce tsakanin 0 da 1 da ke amsa tambaya guda. A ƙaddara cewa babu wani bambanci na gaskiya tsakanin magunguna biyu. To, sau nawa dace kawai zai haifar da bambanci kamar wanda aka gani, ko wanda ya fi shi girma? Idan p ƙarama ce, irin wannan sakamako ba kasafai yake zuwa bisa dace ba. Idan babba ce, dace kaɗai ya isa ya kawo shi.

Misali daga Kano

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne suka shiga gwajin. Kusan rabinsu an ba su Trovan, sauran kuma ceftriaxone. Yara 5 suka rasu a rukunin farko, 6 a na biyu.

Mu ɗauka kowane rukuni yara 100 ne. In magungunan ba su da bambanci, yara 11 ɗin da suka rasu za su rabu tsakanin rukunan biyu tamkar an jefa kwabo. Babu rabon 11 da ya fi 5 da 6 kusa da daidai, don haka p a nan babba ce ƙwarai, ta yi wa 0.05 nisa.

Yanzu a sauya lambobin don gwadawa. Da a ce yaro 1 ne ya rasu a rukuni ɗaya, 10 a ɗayan, p za ta kasance kusan 0.01. Ma'ana, in da babu bambanci, rabo mai karkata haka zai faru ne kamar sau 1 a cikin gwaji 100.

Kurakurai uku da za ka guje wa

Na farko shi ne ka ce p = 0.01 na nufin akwai kashi 99 cikin 100 na tabbacin maganin yana aiki. Ba haka ba ne. An fara lissafin ne da ƙaddara cewa babu bambanci, don haka p ba za ta iya gaya maka ko ƙaddarawar gaskiya ce ba. Tana auna yadda sakamakon ya saɓa mata ne kawai.

Na biyu shi ne ka ce babbar p ta tabbatar magungunan ɗaya suke. Koma kan 5 da 6. Da yara 100 a kowane rukuni, lissafi ya nuna sakamakon bai kore yiwuwar sabon maganin ya rage mutuwa da kusan yara 7 cikin 100 ba, bai kuma kore yiwuwar ya ƙara ta da kusan 5 ba. Yaran sun yi kaɗan a yanke hukunci. Wannan tazarar ita ce kake gani a takardu an rubuta 95% CI, kuma ta fi p bayani.

Na uku shi ne ɗaukar 0.05 a matsayin katanga tsakanin gaskiya da ƙarya. Al'ada ce da ta yaɗu daga littafin Ronald Fisher na 1925. A misalinmu, rabon 1 da 10 ya ba da kusan 0.01, amma 2 da 9 zai ba da kusan 0.06. Yaro ɗaya tak ya tsallakar da sakamakon.

Abin da p ba ta gani

Ƙimar p ba ta san yadda aka gudanar da bincike ba. Shari'o'in da suka biyo bayan gwajin Kano sun shafi batun izinin iyaye da yawan maganin da aka bai wa rukuni na biyu, kuma babu lissafin p da zai amsa waɗannan.

Don haka kafin ka kalli p, duba mutum nawa aka gwada, girman bambancin da aka samu, da faɗin tazarar 95% CI. In kai majinyaci ne, kada ka fara ko ka daina shan magani saboda lamba ɗaya a rahoto. Kai wa likitanka takardar ku duba tare.