Hannun ruwan ɗorawa: yadda neman emoji a waya ya samo asali

Ranar sunan ɗiyar ƙanena, dandalin danginmu na WhatsApp ya cika da addu'a, kowa ya rubuta tasa ya liƙa hannu a ƙarshe. Can sai ƙanwarmu ta rubuto: "Yaya, ka lura kuwa? Duk gidanmu babu fari, amma hannayen da ke ta addu'a duk ruwan ɗorawa ne." Kawu ya amsa mata da cewa, "Ke 'yar nan, wanda na gani a gabana shi na taɓa." Wasu suka ce ai ruwan ɗorawa ba launin kowa ba ne, shi ya sa ya fi. Wani ya ce rashin kishin kai ne kawai. Aka yi ta ja har bayan isha'i. Ni a ganina amsar Kawu ce ta gaskiya, kuma tarihin abin yana bayansa.

Farkon labarin a Japan yake, kuma ba a kan bakin zare ɗaya ake ba. An fi ambaton Shigetaka Kurita, wanda ya zana hotuna 176 wa kamfanin NTT DoCoMo a 1999, kowanne ɗigo 12 a tsaye, 12 a kwance. Amma tun 1997 kamfanin J-Phone ya fitar da waya mai hotuna 90. Ko wane ne na fari, abin da ya shafe mu shi ne yawan. Hoto 176 ba ya bukatar bincike, kamar teburin mai kayan koli ne, ido ɗaya ya isa ya kewaye shi.

Apple ya sa emoji a iPhone a ƙarshen 2008, amma don kasuwar Japan kaɗai. Mutanen wasu ƙasashe sai sun sauke wata manhaja da za ta buɗe musu abin da ke ɓoye a cikin wayarsu. A Oktoban 2010 ƙungiyar Unicode, wadda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa (har da ɓ da ɗ da ƙ namu), ta karɓi emoji ɗari bakwai da 'yan kai. A 2011 iOS 5 ya buɗe ƙofa ga kowa, sai dai emoji ya zo a matsayin kibod na wani harshe, sai ka shiga saiti ka ƙara shi kamar yadda za ka ƙara Larabci. Android ya sa masu launi a kibod ɗinsa a 2013. A kwamfuta abin ya fi ɓuya. Mac ya samu gajeriyar hanya a 2013, Windows 10 kuwa sai 2017, kuma har yau na san ma'aikatan ofis da ke kwafo emoji daga waya saboda ba wanda ya taɓa nuna musu waɗannan:

```
Windows:  Win + .
Mac:      Control + Command + Space
```

Duk tsawon wannan lokaci tsarin bai canza ba: kanta-kanta, fuskoki a nan, dabbobi can, abinci, tafiye-tafiye, tutoci. Kaya kuwa suna ta ƙaruwa, har suka kai 3,790 a 2024 idan an haɗa da launuka. Teburin mai koli ya zama Kantin Kwari, amma ana so ka kewaye shi da babban yatsa.

Mafita biyu aka samo. Ta farko ita ce bincike. Gboard na Google ya zo da shi a 2016, iPhone kuwa bai sa akwatin Search Emoji a kibod ɗinsa ba sai iOS 14 a 2020, shekara tara bayan ya buɗe wa duniya emoji. Binciken ba hoto yake gani ba, suna yake karantawa. Kowane emoji yana da suna da 'yan kalmomin nema a wani rumbun Unicode da ake kira CLDR, kuma akwai Hausa a cikin harsunan rumbun. Sai dai kalmar da za ta yi maka aiki ta danganta da harshen da aka saita wayar ko kibod, mafi yawan wayoyinmu kuwa a Turanci suke. Ɗauki hannun addu'a irin tamu, 🤲, wanda ya shigo a 2017, shekarar da 🧕 ya shigo bayan wata yarinya 'yar Saudiyya mazauniyar Jamus, Rayouf Alhumedhi, ta nemi a yi shi. Sunansa a rumbun palms up together. Wanda bai san wannan ba zai rubuta pray, kuma abin da ya saba fitowa a gaba shi ne 🙏, tafuka a haɗe, wanda a Japan alamar roƙo ce ko godiya. Nan Kawu zai tsaya, don ya samu abin da ya yi kama. Da ya rubuta palms da ya tarar da nasa kai tsaye.

Mafita ta biyu, wadda na fi ba muhimmanci, ba a cika maganarta ba: jerin waɗanda ka yi amfani da su kwanan nan. A iPhone sunansa Frequently Used, gurbi 30 ne, a WhatsApp da Gboard kuma alamar agogo ce. Shi ne shafin da ke fara buɗewa. Abin da ka taɓa jiya shi za ka gani yau, abin da ka gani yau shi za ka sake taɓawa, haka yake ƙara zama daram. Alƙaluman da Unicode ta fitar a 2021 sun nuna cewa 😂 shi kaɗai ya haura kashi 5 cikin ɗari na duk emoji da ake aikawa, guda ɗari na sama kuma sun kwashe kusan kashi 82. Ana fassara wannan da cewa motsin zuciyar ɗan Adam iri ɗaya ne a ko'ina. Akwai gaskiya a ciki, amma ban yarda ita ce duka ba. Idan ƙofa ɗaya ce a buɗe sauran kuma sai an nemo mabuɗi, ba abin mamaki ba ne a ga sawu ya taru a bakinta.

To, launin fata fa? Hannaye da fuskokin mutane na farko a iPhone kusan duk farare ne sol. Ƙorafi ya yi yawa, har wata baƙar fata 'yar Texas, Katrina Parrott, ta fitar da manhajarta mai suna iDiversicons a 2013. A Nuwamban 2014 Mark Davis na Google da Peter Edberg na Apple suka gabatar da daftarin gyara. Apple ya fitar da launukan a iOS 8.3 a Afrilun 2015, Unicode 8.0 ya tabbatar da su a Yunin shekarar.

Ma'aunin da suka ara na likitan fata ne, Thomas Fitzpatrick na Harvard, wanda ya tsara shi a 1975 don sanin yadda fata ke ƙonewa a rana. Mataki shida ne, aka haɗe na ɗaya da na biyu, suka zama biyar. Dabarar da aka yi tana da kyau ƙwarai. Ba a zana sabon harafi ga kowane launi ba, an ƙirƙiri haruffa biyar na launi zalla, daga U+1F3FB zuwa U+1F3FF, waɗanda ake liƙawa a bayan emoji. Wato 🤲🏾 haruffa biyu ne a jere:

```
U+1F932 U+1F3FE
```

Waya ce ke narkar da su su zama hoto guda. Shi ya sa idan ka aika wa mai tsohuwar waya, wani lokaci sai ya ga hannu da ɗan murabba'i mai ruwan ƙasa a gefensa. Ba kuskurenka ba ne, wayarsa ce ta san haruffan biyu amma ba ta iya haɗa su ba. Idan kuwa akwati fanko ya gani, ko mai gicciye a ciki, to emojin ne gaba ɗaya bai kai ga wayarsa ba.

Wanda ba a liƙa masa komai ba, Unicode ta ba da shawarar a ba shi launin da ba na mutum ba. Microsoft ya gwada ruwan toka, daga baya ya bi sahun sauran zuwa ruwan ɗorawa. A nan nake rabuwa da masu cewa ruwan ɗorawa ba na kowa ba ne. A jera shi da launukan biyar a duba da ido: da na farko ya fi kama, ba da wankan tarwaɗa ba, balle baƙi. Amma na fi rabuwa da mai cewa rashin kishi ne, domin bai lissafa wahalar ba. A iPhone, sai ka danne emoji ka riƙe, launuka su fito, ka zaɓa, kuma wayar za ta tuna zaɓin ga wannan emojin ne kaɗai. Ka gyara 👍🏾, amma 👏 da 🙏 da 🤲 da ✋ suna nan yadda suke, kowanne sai ka bi shi daban. Manhajojin aiki irin su Slack sun daɗe da nuna cewa ba dole sai haka ba, wuri ɗaya kake zaɓar launi ya bi duka. Gboard ma daga baya ya koma kan wannan hanya. Mai farar fata da ya bar ruwan ɗorawa bai yi asarar komai ba, mu ne aka bar wa aikin dannawa.

Akwai kuma wani tarko da ya kama Kawu kansa. A WhatsApp na Android rumbun emoji biyu ne, na manhajar a gefen akwatin rubutu, da na kibod a ƙasa. Kowanne da nasa jerin na kwanan nan, kowanne da nasa tunin launi. Ƙanwarmu ta taɓa gyara masa a na kibod, shi kuwa na WhatsApp yake buɗewa. Ko a rumbu ɗaya ma, tsohon hannun ruwan ɗorawa kan ci gaba da zama a jerin agogo bayan ka canza launi, domin a wurin waya shi da sabon abubuwa biyu ne daban. Sai ka yi ta amfani da sabon kafin tsohon ya gangara ya fita. A iPhone ana iya share jerin da Reset Keyboard Dictionary, amma hakan zai tafi da kalmomin da kibod ya koya daga gare ka, ga mai rubuta Hausa a kibod ɗin Turanci kuwa wannan ba ƙaramar asara ba ce, sai ya koma faɗa da gyaran kalma daga farko.

Musafaha 🤝 ta yi jinkiri sosai, saboda hannun mutum biyu ne. Sai a 2021 aka amince da launi daban ga kowane hannu, haɗi 25, ya iso iPhone a Maris na 2022.

Da aka yi sallar la'asar washegari, na karɓi wayar Kawu. Na buɗe rumbun WhatsApp ɗin da ya saba buɗewa, na nemo 🤲 da palms, na danne, na miƙa masa. Ya ɗora bayan hannunsa kusa da gilashin yana gwadawa, ya ɗan yi jim tsakanin na huɗu da na biyar, sannan ya taɓa na biyar. Na sa ya aika shi sau uku a jere don ya hau saman jerin agogo. Daga nan ya ce, "To ɗana, saura na gaisuwa da na tafi," muka bi su ɗaya bayan ɗaya.