Tsayayyen farashin musayar kuɗi da sakakken farashi

Tsayayyen farashi tsari ne da ƙasa ke ɗaure darajar kuɗinta da ta wani kuɗin waje. A sakakken tsari kuwa, kasuwa ce ke yanke farashin, gwargwadon yawan masu saye da masu sayarwa. Sefar da ake kashewa a Nijar ɗaurarriya ce da yuro tun 1999, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, alhali a Najeriya an saki naira a watan Yunin 2023.

Ɗaure farashi alkawari ne, kuma cika shi na da tsada. Idan jama'a suka fara gudun kuɗin gida, dole babban banki ya fito da kuɗin wajen da ya ajiye ya saye na gida a farashin da ya tsayar. Yakan kuma ƙara kuɗin ruwa don masu jari su zauna, ko da hakan zai sa bashi ya yi wa 'yan kasuwa tsada. Sai dai ajiyar tana da iyaka, kuma 'yan canji sun san haka. A ranar 16 ga Satumba, 1992, Birtaniya ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari don kare ɗaurarren farashin kuɗinta, fam, ta ma yi shelar kai shi 15, amma kafin dare ta haƙura ta saki fam.