Ajiyar fetur a gida da haɗarin zuba wa janareta mai alhali yana aiki

A gidaje da shaguna da dama a Nijeriya, janareta da jarkar fetur a wuri guda suke kwana. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da dama sun koma sayen mai da ɗan yawa duk lokacin da suka samu sarari, su ajiye a gida saboda gudun layi ko ƙarin farashi. Haɗarin wannan ɗabi'a yana tattare ne da wani abu guda da ba kowa ke lura da shi ba: ba ruwan fetur ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne.

Yadda tururin fetur yake

Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa da wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Ke nan babu wani yanayi a ƙasar nan, ko da tsakiyar hunturun Jos ne, da buɗaɗɗen fetur ba ya fitar da shi. Kananzir sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38 kafin ya yi haka, man dizal kuwa sai ya haura 50. Wannan ne ya sa wanda ya saba ƙara wa fitila kananzir ba tare da wata matsala ba yake ruɗuwa, ya ɗauka fetur ma haka yake.

Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya ɓace kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya malala kamar ruwa, ya shige ta ƙarƙashin ƙofa, ya taru a lungu ko kwata. Idan ya riski murhu, ko maganin sauro na kunnawa, ko guntun sigari a nesa, wutar kan biyo sawunsa ta dawo har bakin jarkar. Ba ya kuma bukatar yawa: da zarar ya kai kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa.

Abin da ke faruwa yayin ƙarin mai

A ɗauki misalin janareta mai ƙarfin kVA 2.5, irin wanda tankinsa mai cin lita 15 yake zaune a saman injin. An ɗauke wuta tun la'asar, injin ya shafe awa biyar yana aiki, da misalin ƙarfe goma na dare sai ƙararsa ta fara sauyawa. Maigida ba ya son firji da fanka su tsaya, sai ya buɗe murfin tanki, ya ɗaga jarka mai lita 25 ya fara tuttulawa a cikin duhu.

Buɗe murfin kaɗai ya saki tururi mai ɗumi da ya taru a tankin. Kowace lita da ta shiga kuma tana koro tururi daidai girmanta zuwa waje, shi kuma ya gangaro kan injin. Cikakkiyar jarka ta kusa kilo 20, injin yana karkarwa, saboda haka da wuya a gama ba a zubar ba. A ce rubu'in lita ne ya zube, wato kimanin kofin shayi guda. Idan ya ƙafe duka, zai ba da tururi sama da lita 40, wanda ya isa ya mayar da iskar da ta kai mita uku murabba'i, tsayin mita guda, ta zama mai kamawa da wuta. A kan ƙarfe mai zafi, ƙafewar ba ta ɗaukar lokaci.

Abin da zai kunna shi yana nan kusa. Fetur yana kamawa da kansa, ba tare da ashana ba, idan ya kai zafin da ya kama daga digiri 250 zuwa 300, kuma bututun hayaƙi da salansar injin da ya daɗe yana aiki sukan wuce haka. Ga wayar fulogi wadda, in ta tsufa ko ta tsage, take fitar da tartsatsi. Ga soket ɗin da aka jona waya sako-sako. Wutar takan tashi ne daga ƙasa zuwa bakin jarkar da ke hannun mutum, shi kuma a firgice sai ya yar da ita, man ya fantsama a jikinsa da ƙasa. Daga nan ne ƙaramar wuta ke zama gobarar gida.

Kashe injin ba ya kawar da haɗarin nan take. Fankar da ke sanyaya shi tana tsayawa tare da shi, ƙarfen kuwa yana riƙe zafi. Abin da ya dace shi ne a cire kayan wuta, a kashe injin, a ba shi aƙalla minti 15, sannan a kai bayan hannu kusa da salansa ba tare da an taɓa ba. In har ana jin hucin zafi, a ƙara jira. A zuba da mazurari daga ƙaramar jarka mai lita biyar, a haska da tocila, kada a cika tankin fal. Abin da ya ɗiga a goge shi, a rufe jarkar a kai ta nesa, sannan a tayar. Mafi sauƙi dai shi ne a cika tanki da rana, tun injin yana sanyi. Firji da ke rufe ba ya rasa sanyinsa a cikin kwata ɗin awa.

Ajiya

Gwangwanin ƙarfe ko jarkar roba mai kauri da aka ƙera musamman don fetur su ne suka dace. Gorar ruwa ko ta lemo, irin wadda 'yan bumburutu ke sayar da mai a ciki, ba ta dace ba, domin yaro na iya ɗauka abin sha ne. Jarkar man gyaɗa ma, duk da yadda ta zama ruwan dare, murfinta ba ya riƙe tururi. A bar sarari a wuyan jarka, domin fetur yana kumbura da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri goma: lita 25 da aka saya da sanyin safiya na iya ƙaruwa da kusan sulusin lita kafin azahar a watan Afrilu. Jarkar da ta kumbura kamar ƙwallo, ko ɗakin da ke warin fetur alhali an rufe murfi, alama ce ta zafi ya yi yawa ko tururi yana tsira.

Wurin ajiya ya zama a waje, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da kicin da ɗakin kwana da shi kansa janaretan. Ƙarƙashin matakalar bene, inda da yawa ke ɓoye mai saboda ɓarayi, shi ne mafi muni, domin hanyar tsira ce. A lokacin hunturu, busasshiyar iska na sa roba da tufafi su tara lantarki mai fitar da tartsatsi, don haka a sauke jarka ƙasa kafin a cika ta a gidan mai, ba a cikin but ɗin mota ba. Tara mai da yawa ba shi ma da riba, domin bayan 'yan watanni yakan lalace ya toshe kabureta.

Idan wuta ta kama, kada a watsa ruwa. Fetur yana tasowa saman ruwa, ruwan ya kwashe shi yana ci zuwa wani wuri. Bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda, da aka ajiye 'yan taku kaɗan daga injin, su ne abin amfani muddin wutar ƙarama ce. Idan ta kai ga jarkar, a fitar da kowa, a kira hukumar kashe gobara ko lambar gaggawa ta 112. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga. Ya kwanta ya yi birgima, sannan a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar na tsawon minti 20 kafin a kai shi asibiti.