Yadda Waƙoƙin Coci Da Ridim An Bulus Suka Haifi Muryar Rok An Rol

Rok an rol kiɗa ne da ya ɓulla a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, kuma abin da ya fara bambanta shi da waƙoƙin da gidajen rediyon fararen fata suka saba sanyawa shi ne muryar mawaƙi. Murya ce mai kaushi da ihu, wadda takan haye sama ba zato ta sake saukowa. Tushenta biyu ne. Na farko waƙoƙin cocin baƙaƙen fata da ake kira gosfel, na biyu kuma kiɗan gidajen rawa wanda mujallar Billboard ta raɗa wa suna ridim an bulus a 1949.

Abin da aka ɗauko daga coci

A majami'un baƙaƙen fata na kudancin Amurka, musamman na ɗariƙar Fentikostal, ana auna mawaƙi ne da yadda ya iya motsa jama'a. Daga nan aka sami dabaru uku. Ta farko ita ce amshi: jagora ya jefa baiti, jama'a su karɓa. Wanda ya saba da waƙoƙin marigayi Mamman Shata, mutumin Musawa da ya yi zamansa a Funtuwa, ya san yadda 'yan amshi ke riƙe waƙa yayin da shugaba yake zuba baitoci a kai. Tsarin bai yi nisa da wannan ba, sai dai a coci tazarar da ke tsakanin kira da amsa tana ta raguwa har waƙar ta kai ƙololuwa.

Dabara ta biyu ita ce jan gaɓa ɗaya ta kalma a bi da ita ta sautuka da yawa, sama da ƙasa, kafin a sake ta. Ta uku kuwa ita ce tsallakawa daga muryar ƙirji zuwa siririyar murya mai kama da guɗa. Marion Williams ta ƙungiyar Ward Singers ta yi fice a wannan.

Abin da ridim an bulus ya bayar

Mawaƙan gidajen rawa irin su Big Joe Turner da Wynonie Harris sun koyi ɗaga murya ne domin su rinjayi ganguna da kayan busa a ɗaki mai hayaniya. Su suka bayar da ƙarfin ƙirji, da maganar duniya ta soyayya da shagali, da kuma zubin baitin bulus, inda ake faɗin layi, a maimaita shi, sannan a rufe da layi na uku. Roy Brown, wanda ya tashi yana waƙa a coci, ya riga ya shigo da jan gaɓa cikin wannan zubi a waƙarsa "Good Rockin' Tonight" ta 1947. Ke nan haɗuwar ta fara tun kafin sunan rok an rol ya bazu.

Little Richard da "Tutti Frutti"

An haifi Richard Penniman a garin Macon na jihar Georgia a 1932, ya kuma tashi cikin waƙar coci. A 1947 Sister Rosetta Tharpe, shahararriyar mawaƙiyar gosfel mai kaɗa jita, ta ji muryarsa ta ba shi dama ya yi waƙa a taronta a Macon. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ihun nan nasa mai kama da guɗa daga Marion Williams ya ɗauko shi.

A watan Satumba na 1955 kamfanin Specialty ya kai shi ɗakin naɗar sauti na Cosimo Matassa a New Orleans. Da farko ya rera waƙoƙin bulus cikin natsuwa, abin bai gamsar da mai shirya faifan ba, wato Bumps Blackwell. Da aka tafi hutu sai Richard ya hau fiyano ya ɓarke da wata waƙar batsa da yakan yi a gidajen rawa. Blackwell ya ji muryar da yake nema, ya sa Dorothy LaBostrie ta sauya kalmomin, aka naɗa a ranar.

Mai saurare zai iya rarrabe kayan haɗin da kunnensa. Waƙar tana buɗewa da muryar Richard ita kaɗai tana kwaikwayon bugun ganga, babu kayan kiɗa. Zubin baitocin na bulus ne, maganar kuma ta 'yan mata ce. Wannan rabon ridim an bulus ne. Guɗar da ke tashi a ƙarshen layi da kaushin maƙogwaro irin na mai wa'azin da zafi ya kama, su ne rabon coci. Haka nan ihun da yakan saki gab da Lee Allen zai fara busa saksafon yana aiki ne kamar kiran jagora, busar kuma ta zama amshi.

Hanya mafi sauƙi ta gane nauyin waɗannan dabaru ita ce a saurari kwaikwayon da Pat Boone, wani mawaƙi farar fata, ya yi wa waƙar jim kaɗan bayan fitowarta. Karin waƙar bai sauya ba, amma an cire kaushin da ihun, kowace gaɓa ta zauna a kan sauti ɗaya. Faifan Boone ya fi na Richard hawa sama a jerin waƙoƙin gama-gari na Billboard, sai dai mawaƙan da suka biyo baya, har da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles, salon Richard suka bi.

Rikici da coci

Wannan aro bai tafi salin alin ba. A watan Nuwamba na 1954 Ray Charles ya naɗa "I Got a Woman" a Atlanta, wadda aka gina a kan waƙar yabon Yesu ta ƙungiyar Southern Tones, aka mayar da yabon ga mace. Masu ibada da dama sun ɗauki hakan a matsayin wulaƙanta abu mai tsarki. A 1959 wasu gidajen rediyo suka ƙi sanya "What'd I Say" saboda Charles da 'yan amshinsa mata, Raelettes, sun mayar da kira da amsar coci musayar nishi. Sam Cooke na ƙungiyar Soul Stirrers ya fitar da waƙarsa ta duniya ta farko da sunan Dale Cook don kada masoyansa na coci su gane, amma muryarsa ta tona shi. Shi kansa Little Richard ya ajiye rok an rol a 1957, yana tsakiyar rangadi a Ostiraliya, ya tafi karatun addini a kwalejin Oakwood da ke Alabama.

Iyakar tasirin

Kuskure ne a jingina kowace muryar rok an rol ga coci. Fats Domino yana waƙa ne a sanyaye da harshen mutanen New Orleans, Chuck Berry kuma ya fi damuwa da fitar da kowace kalma tsaf, irin yadda Nat King Cole ke yi. Elvis Presley yana tsakani: ya tashi a cocin Assembly of God a Tupelo, ya so ƙungiyoyin gosfel na fararen fata irin su Blackwood Brothers, amma waƙar da ta fito da shi a 1954, "That's All Right", ta mawaƙin bulus Arthur Crudup ce. Ƙarfin murya kaɗai ba ya nuna asalin coci, domin mawaƙan bulus ma suna da shi. Alamun da za a nema su ne gaɓar da ake ja, da guɗar da ke tashi ba zato, da waƙar da ke ƙara zafi baiti bayan baiti tsakanin jagora da masu amsa masa.