Yanke albashi: abin da dokar ƙwadago ta yarda wa maigida da abin da ta hana

Masu saurare a Tamaske da garuruwan Keita, Buza da Madawa, da 'yan'uwa da ke Najeriya da Kwaddibuwa waɗanda suka bar garka ko kanti a hannun yaran gida, ga bayani kan lokacin da maigida ke da ikon taɓa albashin ma'aikaci.

Dokar ƙwadago ta Nijar ita ce mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012. Ta shafi duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa, ko da da baki aka yi yarjejeniyar. Ginshiƙinta a nan shi ne: albashi na ma'aikaci ne, ba a cire komai sai ta hanyar da doka ta buɗe, kamar haraji da kuɗin asusun CNSS.

Mu ɗauki misali. Ma'aikaci yana kula da injin ban ruwa a garkar albasa, albashinsa jika 60 a wata. Tsakiyar wata ya karɓi jika 15. Kafin nan maigida ya ranta masa jika 90 ya sayi hatsi. Ya yi fashin kwana 2 ba izini. Sannan injin ya ƙone, gyara ya ci jika 40. Ƙarshen wata maigida ya ce ba shi da ko dala, shi ma ake bi. To, ya lissafin yake?

Jika 15 ɗin ba rance ba ne, kuɗin aikin da ya riga ya yi ne aka ba shi da wuri. Ana cire su gaba ɗaya, saura jika 45.

Fashin kwana 2 shi ma ana cirewa, amma daidai kwanakin kawai. In an raba jika 60 gida 30, kwana ɗaya jika 2 ne, kwana 2 jika 4, saura jika 41. Maigidan da ya ce "ka yi fashin kwana 2, na yanke maka na mako" tara ya ci, kuma doka ta hana maigida cin tarar ma'aikaci. Rashin lafiya mai takardar likita ba fashi ba ne, hukuncinsa dabam.

Rancen jika 90 nan ne aka fi kuskure. Bashi ne, dole a biya. Amma maigida ba ya cire shi daga albashi don ransa ya so. Sai dai ma'aikacin ya amince da kansa a gaban alƙali ko sufeton ƙwadago, aka rubuta nawa za a riƙa cirewa duk wata, ko kuma kotu ta ba da umarnin riƙe wani kaso. Ko a haka akwai iyakar da doka ta sa gwargwadon girman albashi, don a bar wa mutum abin cefane. Takardar da aka dangwala yatsa a zaure ba ta maye gurbin wannan. A misalinmu, in ba a bi hanyar nan ba, jika 41 ɗin sai a miƙa masa cif, bashin kuma yana nan a kansa.

Saura injin. Maigida ba ya zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci guda. Injin da ya tsufa, ko wanda aka daɗe ba a canza wa baƙin mai ba saboda maigida bai saya ba, asarar mai garka ce. In yana ganin ganganci ne ko mugunta, yana iya yin gargaɗi, ko dakatarwa ta 'yan kwanaki, ko sallama in laifin babba ne, yana kuma iya neman diyya a kotu da hujjarsa. Abin da ba ya iya yi shi ne ya ƙiyasta ɓarnar da kansa ya zare ta daga albashi. A ganinmu wannan ne ya fi yi wa masu garka da masu motoci ɗaci, domin an saba da "wanda ya ɓata shi ke biya". Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 95 ta 1949, wadda Nijar ta amince da ita, ita ma cewa ta yi ba a yanke albashi sai bisa sharuɗɗan doka.

Wanda aka yanke wa ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa. Ya fara da ofishin sufeton ƙwadago a Tawa, inda ake kiran ɓangarorin biyu a gwada sulhu. In bai yiwu ba, maganar ta wuce kotun ƙwadago. Ya tafi da takardar biyan albashi in ana ba shi, in babu, da shaidu da ranakun da ya karɓi kowane kuɗi. Kada ya bari ta kwana shekaru, domin neman albashi yana da wa'adin da in ya wuce kotu ba ta sauraro.