Ma'aunin siranta na ginshiƙi

Ma'aunin siranta lamba ce da injiniyoyin gini ke amfani da ita wajen kwatanta tsawon ginshiƙi da kaurinsa. Ita ce ke nuna ta wace hanya ginshiƙi zai gaza idan nauyin da ke danna shi daga sama ya yi yawa. Gajeren ginshiƙi mai kauri yakan tsaya a miƙe har sai abin da aka yi shi da shi ya murƙushe. Dogo siriri kuwa yakan lanƙwashe ya goce gefe tun kafin jikinsa ya kai iyakar ƙarfinsa. Ana iya ganin wannan a karan dawa: guntun kara yana jure danni mai yawa, amma dogon kara mai kauri iri ɗaya yana lanƙwashewa da zarar an danna shi da hannu. Ana rubuta ma'aunin da harafin Girkanci λ, kuma ba shi da awo kamar mita ko kilogiram, domin tsawo ne aka raba da tsawo.

Yadda ake lissafa shi

λ = KL / r

A nan L shi ne tsawon ginshiƙi. K lamba ce da ta dogara da yadda aka riƙe ƙarshensa biyu. Idan duka biyun suna iya juyawa kamar a kan fatar ƙofa amma ba sa matsawa gefe, K tana zama 1. Idan an kafe duka biyun yadda ba za su juya ba, tana zama 0.5. Idan ɗaya a kafe yake ɗaya kuma yana juyawa, tana kusan 0.7. Idan kuwa gindin ne kaɗai a kafe, saman yana sake kamar sandar tuta, tana zama 2. Abin da KL ya bayar shi ake kira tsawon aiki.

Harafin r yana nuna yadda jikin ginshiƙi ya bazu nesa da tsakiyarsa idan an yanka shi a gicciye. Ana samun sa daga r = √(I/A), inda A ke nufin faɗin fuskar yankan, I kuma lamba ce da ke auna yadda siffar yankan ke ƙin lanƙwasa. Idan yankan bai da kauri ɗaya ta kowane ɓangare, kamar katako mai faɗi, ana ɗaukar r mafi ƙanƙanta, saboda ginshiƙi yana gocewa ne ta ɓangaren da ya fi rauni.

Tarihi

A shekarar 1729 masanin ƙasar Holan Pieter van Musschenbroek ya gwada sandunan katako, ya gano cewa nauyin da suke ɗauka yana raguwa daidai da tsawonsu idan an ninka shi da kansa. Masanin lissafi Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar da lissafin wannan lamari a 1744. Injiniyoyi sun daɗe ba su amince da shi ba, domin ginshiƙan da ake gini da su a lokacin ba su da siranta sosai, kuma sukan gaza da nauyin da bai kai wanda lissafin ya nuna ba. A ƙarni na 19 ne aka fahimci cewa lissafin yana aiki ne a kan dogayen ginshiƙai kawai. Friedrich Engesser a 1889, da F. R. Shanley a 1947, sun yi bayanin abin da ke faruwa a ginshiƙai matsakaita.

Iyakoki biyu

Matsi shi ne nauyin da ya hau kan kowane yanki na fuskar yankan, ana kuma auna shi da megafaskal. Ginshiƙi yana da iyakoki biyu, kuma wadda ta fi ƙanƙanta ita ce take fara cim masa.

Ta farko ita ce iyakar juriyar ƙarfe, wadda ake rubutawa fy. Idan matsi ya kai ta, ƙarfen yana lotsewa ba ya komawa yadda yake. Wannan iyaka ba ruwanta da tsawo.

Ta biyu ita ce matsin Euler:

σ = π²E / λ²

E shi ne ma'aunin Young, wato taurin abu, kuma a ƙarfen gini yana kusan megafaskal 200,000. Tun da λ ana ninka shi da kansa, ninka tsawon ginshiƙi sau biyu yana mayar da matsin Euler kashi ɗaya cikin huɗu. Haka kuma babu fy a cikin wannan lissafi. Dogon ginshiƙi tauri yake bukata, ba juriya ba.

Wurin da iyakokin biyu suka haɗu shi ne λ = π√(E/fy). Ga ƙarfe mai juriyar megafaskal 250, wannan yana ba da kusan 89. A bisa lissafi zalla, ƙasa da 89 murƙushewa ce ke zuwa da farko, sama da 89 kuma lanƙwashewa.

Misali da bututun ƙarfe

A ɗauki bututun ƙarfe mai faɗin waje milimita 60 da kaurin bango milimita 4, wanda faɗin cikinsa ya zama milimita 52. Faɗin fuskar yankansa kusan murabba'in milimita 704 ne, r ɗinsa kuma milimita 19.85. A ce juriyar ƙarfen megafaskal 250 ce, kuma ƙarshensa biyu suna iya juyawa, wato K = 1. Nauyin da zai murƙushe shi shi ne 250 sau 704, wato kilonuton 176, kimanin tan 18.

Idan tsawonsa rabin mita ne, λ yana zama 25. Matsin Euler a nan ya haura megafaskal 3,000, lambar da ƙarfen ba zai taɓa kaiwa ba, domin zai murƙushe tun a 250. Wannan gajeren ginshiƙi ne.

Idan tsawonsa mita 3 ne, λ yana zama 151, matsin Euler kuma ya faɗo zuwa megafaskal 86. Bututun zai goce gefe da nauyin kilonuton 61, kimanin tan 6, alhali ƙarfensa bai yi amfani da fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na juriyarsa ba. A mita 4 kuwa, λ ya ɗan haura 200, nauyin ya koma kilonuton 34.

Misalin yana nuna gyaran da ke aiki da wanda ba ya aiki. Idan aka sauya zuwa ƙarfe mai juriyar megafaskal 355, nauyin murƙushe gajeren yana hawa zuwa kusan kilonuton 250, amma mai mita 3 yana nan a 61, domin taurin nau'o'in ƙarfen gini kusan ɗaya ne. Idan aka mayar da ƙarfen bututun sanda marar rami mai nauyi ɗaya, kaurinta zai zama kusan milimita 30, r ya ragu zuwa 7.5, nauyin da za ta ɗauka a mita 3 ya faɗo ƙasa da kilonuton 9. Bututun ya ninka ta sau bakwai, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake yin turakun tallafe dakin da bututu. Idan kuma aka kafe gindin bututun mai mita 3 aka bar samansa ba riƙo, K ta zama 2, nauyin ya koma kilonuton 15.

Ginshiƙai matsakaita

A aikace babu layi ɗaya da ke raba gajere da dogo. Ginshiƙi na gaske ba ya rasa 'yar karkata, nauyi ba ya sauka daidai a tsakiyarsa, sannan birgima da walda suna barin matsi a cikin ƙarfe tun kafin a ɗora masa komai. Waɗannan suna sa wani sashe na ƙarfen ya fara lotsewa da wuri, taurin ginshiƙin ya ragu, lanƙwashewa ta zo kafin lokacinta. Illar ta fi tsanani a kusa da mahaɗar iyakokin biyu.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ƙiyasta wannan ita ce ƙa'idar J. B. Johnson ta ƙarshen ƙarni na 19:

σ = fy − (fy² / 4π²E) λ²

Ana amfani da ita har zuwa λ = √(2π²E/fy), wanda ga wannan ƙarfe ya kai kusan 126, daga nan sai a koma lissafin Euler. A λ = 89 tana ba da kusan megafaskal 188, wato kashi uku cikin huɗu na 250 ɗin da lissafi zalla ya nuna.

Ana yawan yin kuskure a nan. Idan aka tokare bututun mai mita 3 a tsakiya ta kowane ɓangare, tsawon aikinsa yana komawa mita 1.5, λ ya zama 76. Lissafin Euler zai ce nauyin ya ninka sau huɗu zuwa kilonuton 243. Hakan ba zai yiwu ba, tun da ya wuce nauyin murƙushewa na 176. Ƙa'idar Johnson tana ba da kusan kilonuton 144. Duk lokacin da matsin Euler ya fito sama da fy, alama ce an yi amfani da lissafin a wajen hurumin sa. Duk waɗannan lambobi nauyin gazawa ne, kuma wanda ake yarda a ɗora yana ƙasa da su, domin ana barin tazarar tsaro.

Alamomin gazawa

Gajeren ginshiƙin ƙarfe da ya murƙushe yakan kumbura ko bangonsa ya naɗe a wuri ɗaya. Na kankare yakan tsage, ɓawonsa ya zube, rodin ciki ya turo waje tsakanin zobba. Dogon ginshiƙi kuwa yana yin baka a tsawonsa duka. Haɗarinsa shi ne karkata tana ƙara wa nauyi damar lanƙwasa shi, lanƙwasar kuma tana ƙara karkata, shi ya sa faɗuwar takan zo farat ɗaya.

A ƙa'idojin gini

Ƙa'idar ginin ƙarfe ta Amurka, AISC 360, tana ba da shawarar kada λ ya wuce 200 a sassan da ke ɗaukar danni. Tsohuwar ƙa'idar kankare ta Birtaniya, BS 8110, wadda aka daɗe ana aiki da ita a Najeriya, tana raba tsawon aiki ne da kaurin ginshiƙi kai tsaye. Tana ɗaukar ginshiƙi a matsayin gajere idan sakamakon bai kai 15 ba a ginin da aka tokare daga gocewa gefe, ko bai kai 10 ba a wanda ba a tokare ba. Ginshiƙi mai kaurin milimita 225 a ginin da aka tokare yana fita daga sahun gajeru idan tsawon aikinsa ya kai kusan mita 3.4. Ba a kwatanta waɗannan lambobi da λ kai tsaye, domin a yanka mai kusurwa huɗu r kusan 0.29 ne na kauri, saboda haka 15 ɗin ta yi daidai da λ na kusan 52.