Dabarar Prim da ta Kruskal

Dabarar Prim hanya ce ta haɗa dukkan ɗigogin zane da layuka mafi ƙarancin jimillar nauyi, ba tare da zagaye ba. Jarník ya fara bayyana ta a 1930, Prim kuma a 1957. Ana farawa daga ɗigo ɗaya, a zuba layukansa cikin tuli mai fito da mafi sauƙi a sama. Kowane lokaci a ciro na saman. Idan ya kai ga sabon ɗigo, a karɓe shi, a ƙara layukan ɗigon. Idan ba haka ba, a yar.

Dabarar Kruskal, ta 1956, jera layukan take yi tun farko daga ƙarami zuwa babba, tana tsallake duk wanda zai rufe zagaye. Ta fi dacewa da zane mai ƙarancin layuka. Idan zanen a rarrabe yake, Prim ɓangare ɗaya kawai take gamawa.